Akwatin da Ya Haɗiye Daminar Zariya

Ga wata tambaya, ku amsa ta a zuci kafin ku ci gaba da karatu: a watan Agusta, ina ruwan sama ya fi zuba, Zariya ko Legas? Mafi yawanku za ku ce Legas, kuma kuna da hujja. Legas tana bakin teku, ruwan da take samu a shekara yakan kai wajen milimita 1,500, mu kuwa a Zariya kimanin 1,000 muke samu, Sakkwato ma ba ta cika wuce 600 zuwa 700 ba. Sai dai amsar ita ce Zariya. A watan Agusta, lokacin da mu nan Tudun Wada muke tsallake kwatami da takalma a hannu, ruwa ɗan ɗagawa yake yi a Legas.

Dalili kuwa yana cikin darasin labarin ƙasa. Iskar damina daga tekun Atilantika take tasowa ta kudu maso yamma, tana hawowa arewa sannu a hankali. Takan jiƙa Legas sosai a watan Yuni, har ruwan watan ya kai wajen milimita 300. Kafin Agusta yankin da ruwa ya fi ƙarfi ya riga ya matso kanmu, sai kudu ta sami ɗan hutu, ruwan Legas ya sauko zuwa ɗari da wani abu, namu kuma ya haura 200 ya kai ƙololuwarsa. Idan iskar ta fara komawa a Satumba da Oktoba, Legas ta sake samun wani zubin.

Wannan labari gaba ɗaya ana iya ba da shi da zane guda: giraf mai layi uku, watanni goma sha biyu a gindinsa, milimita a gefen hagu. Kuma wani ɗan akwati da bai kai kwalin ashana biyu ba yana iya shafe labarin nan tas. A kan wannan akwatin nake so mu tsaya a makon nan.

Wane akwati?

Kun san shi ko da ba ku taɓa kula da shi ba. Idan giraf yana da layi fiye da ɗaya, a wata kusurwa za ku ga ɗan akwati ɗauke da guntayen layuka, kowane da suna a gabansa: ja na Zariya ne, shuɗi na Legas, kore na Sakkwato. Shi ne akwatin bayani, ɗan'uwan mabuɗin da ake sawa a gindin taswira. A allon kwamfuta sunansa `Legend`. Aikinsa ya gaya wa mai karatu wane layi ne na wa. Matsalarsa ita ce shi ma wuri yake nema ya zauna, kuma idan aka sa shi cikin filin giraf, ba ruwansa da abin da ya tarar a wurin.

Bari mu auna da ma'auni, don kada ya zama magana kawai. A ce an ba ajinku aikin kwatanta ruwan garuruwan nan uku, kuka je shagon kwamfuta aka zana muku. Giraf ɗin ya fito da faɗin santimita 12 da tsawon santimita 7, daidai yadda zai shiga rabin shafi. Kowane wata ya sami santimita ɗaya ke nan. Ma'aunin gefe ya tashi daga 0 zuwa 350, wato kowane santimita yana tsaye a madadin milimita 50 na ruwa.

Sai aka zo suna. Wanda ya cika teburin ya rubuta wa kowane gari cikakken take: "Matsakaicin ruwan sama na Zariya", "Matsakaicin ruwan sama na Legas", "Matsakaicin ruwan sama na Sakkwato". Dogayen sunaye sukan kumbura akwati. Nan take ya zama faɗin santimita 6, tsawo santimita 3, ya je ya zauna a kusurwar sama ta dama, inda aka saba ganinsa.

To ku lissafa abin da ya danne. Santimita 6 daga dama watanni shida ne, daga Yuli zuwa Disamba. Santimita 3 daga sama milimita 150 ne, daga 350 zuwa 200. Duk abin da ya haura milimita 200 a rabin shekara na biyu ya shige ƙarƙashin akwati. Ruwan Zariya na Yuli yana can, na Agusta yana can. Ƙololuwar damina, wadda saboda ita manomin Giwa da Soba yake ƙirga kwanakin masararsa, ta ɓace. Abin da ya rage a fili shi ne tsaunin Legas na watan Yuni, yana tsaye shi kaɗai kamar ba shi da kishiya.

Amma ɓoye ƙololuwa ba shi ne mafi munin abin da akwatin ya yi ba. Ku bi layukan da yatsa. Na Legas ya fito daga tsauninsa na Yuni ya shiga akwatin ta gefen hagu. Na Zariya ya hawo ya shiga ta ƙasa. Can gaba kaɗan wani layi ya faɗo daga akwatin ya gangara zuwa ɗari da wani abu a Agusta, wani kuma bai fito ba sai wajen Satumba. Layi biyu sun shiga, layi biyu sun fito. Wane ne wane? A matsakaicin lissafi, tsakanin Yuli da Agusta ne layin Zariya yake gicciye na Legas ya hau samansa, kuma mahaɗar tana cikin wurin da aka rufe. Ido kuwa ba ya son giɓi, da kansa yake cikewa, kuma da abin da mutum ya riga ya yarda da shi yake cikewa. Wanda ya zo da tunanin cewa Legas ta fi ruwa kullum zai ɗauka layin da ya daɗe a sama shi ne nata, wanda ya faɗo da wuri kuma namu ne. Ya tashi da akasin gaskiya, alhali duk lambobin da ke cikin teburin daidai suke.

Za ku ce ai launi zai raba gardama, ja daban shuɗi daban. Haka ne a allon kwamfuta. Amma wa yake miƙa wa malami allon kwamfuta? Takarda ake miƙawa, kuma duk wanda ya taɓa bin layin shagunan buga takardu daga Tudun Wada zuwa Kongo ya san bugun kala ya fi na baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba. Da an buga baƙi da fari, ja da kore da shuɗi duk sun koma toka-toka mai kama da juna. Idan aka sake yin fotokwafi don kowa a rukuni ya sami nasa, ɗan bambancin da ya rage ma ya tafi. Akwatin yana nan da guntayen layukansa uku iri ɗaya, ya rufe damina kuma bai bayyana komai ba. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore da kyau, halitta ce, an fi samunta a maza, kuma da yawansu ba su ma san suna da ita ba. Mai yiwuwa akwai ɗaya a ajinku.

Yadda ake gane an rufe wani abu

Ba kullum ake ganin ɓarnar nan da kallo ɗaya ba, domin akwatin yakan zauna tsaf kamar dama can wurinsa ne. Alama ta farko ita ce wadda muka gani: layi ya taɓa bangon akwati. Layin giraf ba ya ƙarewa haka kawai a tsakiyar fili, don haka duk inda kuka ga ya kai jikin akwati ya yanke, ku sani yana ci gaba a ƙarƙashi.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce ƙirga ɗigo. Gari uku, wata goma sha biyu, ɗigo 36 ya kamata a samu. Ku ɗauki layi ɗaya ku bi shi daga Janairu zuwa Disamba kuna ƙirgawa. Idan na Zariya ya ba ku tara ko goma maimakon sha biyu, sauran suna ƙarƙashin wani abu. Sannan ku riƙa duba ma'aunin gefe. Kwamfuta tana tsawaita shi ne gwargwadon lamba mafi girma a teburin. Idan ma'auni ya kai 350 amma babu layin da kuke gani ya wuce 200, ku tambayi kanku don wa aka bar wannan filin na sama.

Wasu manhajojin suna yin akwatin shara-shara yadda za a ɗan hango layi ta bayansa. A allo yana taimakawa kaɗan. A takarda kuwa sai rubutu da layi su cakuɗe, ba a karanta wannan ba a karanta wancan.

Me ya sa kusurwar sama ta dama ta zama gidan akwati? Sabo ne kawai, kuma akwai irin giraf ɗin da sabon ya dace da shi. Ku tuna gwajin da ake yi a darasin kimiyya, a ajiye ruwan zafi ana auna zafinsa kowane minti yana hucewa. Layinsa daga sama hagu yake farawa ya gangara dama, don haka saman dama fili ne fetal, akwati ya zauna lafiya. Amma duk abin da yake hawa, kamar tsawon shuka, yawan jama'a ko farashin kwanon masara, ƙarshensa a saman dama yake, kuma ƙarshen nan shi ne sabon labari, shi mai karatu ya zo gani. A giraf ɗin ruwanmu, wurin da babu kowa shi ne saman hagu, daga Janairu zuwa Maris, lokacin hunturu da farkon bazara. Da can aka kai akwatin, kuma aka gajarta sunayen, da bai danne ko ɗigo ɗaya ba.

Matsar da akwati magani ne, ban musa ba. Amma a ganina rabin magani ne.

Rubuta sunan a jikin layin

Ko akwatin bai rufe komai ba, yana ɗora wa mai karatu aiki. Ka dubi layi, ka riƙe launinsa a ka, ka tafi akwati ka nemi launin, ka karanta sunan, ka dawo ka nemi inda ka tsaya. Layi uku, zirga-zirga uku. Kafin ka gama na uku ka manta na farko. Ƙari a kan haka, kwamfuta tana jera sunaye a akwati ne bisa yadda aka jera su a teburi, ba bisa yadda layukan suke a fili ba, sai ka ga sunan da ke sama a akwati layinsa ne a can ƙasa. Kamar a ce ɗakunan makarantarku babu suna a ƙofa, an dai shafa wa kowace ƙofa fenti, duk mai neman ajinsu sai ya koma bakin get ya duba allo.

Maganin shi ne a cire akwatin ɗungurungum, a rubuta sunan kowane layi kusa da shi. Ba sabuwar dabara ba ce. William Playfair, mutumin Sikotilan da ake dangantawa da fara amfani da giraf mai layi wajen nuna harkar kuɗi da ciniki, haka ya yi a littafinsa na 1786. A zanensa na cinikin Ingila da ƙasashen Denmak da Norwe daga 1700 zuwa 1780, a jikin layi ɗaya ya rubuta cewa na kayan da ake shigowa da su ne, a jikin ɗayan na waɗanda ake fitarwa. Da hannu ake zane a lokacin, kuma mai zane da hannu yana ganin inda fili yake. Akwatin ya yawaita ne da zuwan kwamfuta, domin ya fi mata sauƙi ta jera sunaye wuri ɗaya da ta nemo wa kowane layi gurbi.

Ba sai an je Turai ba ma. Ku karɓi katin awon ƙaninku wajen Mama ku duba, wanda ake zuwa da shi asibiti ranar rigakafi. A zanen awon nauyin yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, layukan suna da lambobinsu a ƙarshensu na dama: 3, 2, 0, -2, -3. Ma'aikaciyar jinya tana ɗiga nauyin yaro, ta bi layin da ke kusa da ido zuwa dama, ta ga a ina ya faɗa. Haka nan a taswirar da kuke aiki da ita a darasin labarin ƙasa, layukan da ke nuna tudu da kwari a jikinsu ake rubuta tsayinsu. Ku kwatanta wahalar da za ku sha da a ce kowane layi launi aka ba shi aka ce ku je mabuɗi ku duba.

Wuri mafi kyau na suna shi ne ƙarshen layi ta dama, domin can ido yake tsayawa bayan ya bi layin. Ga misali daga lissafi, wanda kowa zai iya zanawa a takardar giraf yau da daddare. Ku zana y = x² da y = 2^x, daga x = 0 zuwa x = 5. Na farko zai ba ku 0, 1, 4, 9, 16, 25. Na biyu zai ba ku 1, 2, 4, 8, 16, 32. Ku ɗauki santimita 2 a madadin 1 a gindi, santimita 2 a madadin 5 a gefe. A ƙarshe ɗaya yana 25, ɗayan yana 32. Bambancin 7 a wannan ma'aunin santimita 2.8 ne, ya ishi suna biyu har da rara. Abin da kawai ake buƙata shi ne ku bar fili kamar santimita 3 a dama tun kafin ku fara zane, kada ku cinye takardar har baki. Sai ku rubuta kowane suna daidai saitin ɗigonsa na ƙarshe.

Yanzu ku lura da wani abu. Da a x = 4 aka ce ku tsaya, da dabarar ta gaza, domin a nan layukan biyu duk suna kan 16. Suna biyu, ɗigo ɗaya. Wannan ita ce iyakar rubuta suna a ƙarshe: tana aiki ne idan layuka sun rabu a ƙarshen.

Giraf ɗin ruwanmu kuwa irin mai gardamar ne. A Disamba ruwan Zariya sifili ne, na Sakkwato sifili, na Legas ɗan kaɗan ne da bai kai rabin santimita ba a ma'auninmu. Rubutun hannu yana cin wajen rabin santimita a tsaye. Idan kuka ce sai a ƙarshe, sunaye uku za su hau kan juna a ƙasan kusurwa. Don haka sai a nemi inda kowane layi ya keɓe shi kaɗai. Legas tana fara ruwa tun muna cikin zafin Maris da Afrilu, saboda haka a hagu da tsauninta na Yuni babu kowa, a rubuta "Legas" a can saman layinta. Zariya ta fi kowa tsayi a Agusta, a rubuta "Zariya" dab da ƙololuwar, ta dama. Sakkwato ce mai ɗan wuya. Hannu zai so ya rubuta sunanta a ƙarƙashin tudunta na Agusta, amma nan tarko ne, domin sau da yawa a watan layin Legas yana faɗowa har ƙasa da na Sakkwato, sai sunan ya zama kamar na layin Legas. Gara a sa shi a ƙarƙashin layinta wajen Yuni, inda ita ce ta fi kowa ƙasa, babu wanda za a rikita ta da shi.

Ƙa'idar da ke bayan duk wannan ɗaya ce: suna ya fi kusa da layinsa fiye da kowane layi. Idan wuri ya matse har hakan ba zai yiwu ba, ku rubuta sunan a fili mafi kusa, ku ja ɗan siririn layi daga sunan ya taɓa wanda ake nufi, kuma kada ya tsallake wani layin a hanya. Ku rubuta a kwance yadda ake karatu, kada mai dubawa ya riƙa karkata wuya. Idan da biro mai launi kuka zana layin, ku rubuta sunan da biron nan.

Ina dogayen sunayen nan suka tafi? Kalmomin "matsakaicin ruwan sama na" da aka maimaita sau uku sun koma take, sau ɗaya, a saman giraf. Kalmar milimita ta koma gefen ma'auni. Abin da ya rage wa kowane layi shi ne kalma guda. Tunda kun sami fili, kuna iya ƙara wata 'yar alama a wurin da ya fi muhimmanci, wato mahaɗar nan ta tsakanin Yuli da Agusta, ku rubuta ƙanana "nan Zariya ta wuce Legas". Guda ɗaya ta isa. Idan kowane ɗigo aka yi masa sharhi, an koma gidan jiya, rubutu ya sake rufe zane.

Saura wurin da layuka suke gicciye juna. Suna a jikin layi yana gaya muku wane ne a inda aka rubuta shi, amma bayan mahaɗa ido yana iya sauka daga wannan layin ya hau wancan, musamman a bugun baƙi da fari. Saboda haka a bambanta su da siffa: na Zariya mai kauri tunda shi ake magana a kai, na Legas siriri, na Sakkwato mai ɗigo-ɗigo. Wannan bambancin ko an yi fotokwafi sau biyar yana nan.

A kwamfuta

Da yawanku Excel za ku fara haɗuwa da ita, a ɗakin kwamfuta na makaranta ko a shago. Ita takan ajiye akwatin a wajen filin zane, a ƙasa ko a dama. Ɓarnar takan zo ne idan mutum ya ga zanen ya yi ƙanƙanta, ya ja akwatin ciki ko ya buɗa filin zanen har ya shige ƙarƙashinsa. Ga yadda ake sa suna a jikin layi. Ku danna layin sau ɗaya, duk ɗigoginsa za su fito. Ku sake danna ɗigon da kuke so, shi kaɗai zai rage a zaɓe. Ku danna maɓallin dama na linzami, ku zaɓi `Add Data Label`. Lamba ce za ta fara fitowa. Ku zaɓi lambar nan ita kaɗai, ku shiga `Format Data Label`, ku sa alama a `Series Name`, ku cire ta `Value`. Lambar za ta koma sunan layin. Ku maimaita wa sauran layukan, sannan ku danna akwatin bayanin ku goge shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake danna na biyu, sai sunan ya fito a kan duk ɗigogi goma sha biyu.

Waɗanda suka fara taɓa Python a kulob ɗin kwamfuta za su haɗu da `matplotlib`. Idan aka rubuta `plt.legend()` ba tare da faɗin wuri ba, tana gwada wurare tara a cikin filin ta zaɓi wanda ya fi ƙarancin taɓa zane. Ku lura, mafi ƙaranci aka ce, ba babu ba. Idan layuka sun cika filin, dole ta zauna kan wani. Ga misalin lissafinmu ba tare da akwati ba:

```python
import matplotlib.pyplot as plt
x = [0, 1, 2, 3, 4, 5]
plt.plot(x, [n**2 for n in x])
plt.plot(x, [2**n for n in x])
plt.text(5.1, 25, "y = x^2")
plt.text(5.1, 32, "y = 2^x")
plt.xlim(0, 6)
plt.show()
```

Lambobi biyun farko a `plt.text` su ne inda sunan zai zauna, a gindi da a gefe. An sa 5.1 maimakon 5 don rubutun ya ɗan matsa daga ɗigon. Shi kuma `plt.xlim(0, 6)` shi ne filin nan na dama da na ce ku bari a takarda. Sai dai ku sani, sunan da aka kafa da lamba ba ya bin layi. Idan kuka canza lissafin, 25 ta zama wata lamba, layin zai tashi ya bar sunan a tsohon wuri. Ta nan hanyar Excel ta fi, domin a can sunan a ɗaure yake da ɗigon.

Kada wani ya je ya ce wa malaminsa an ce a daina mabuɗi. Akwai inda ba makawa sai da shi. Taswirar da masallaci, kasuwa, rijiya da titin jirgi suka bayyana sau ashirin-ashirin ba za a rubuta wa kowane suna ba, alama ake ba su a bayyana ta sau ɗaya. Haka giraf mai sanduna da aka raba kowace sanda gida uku ko huɗu, zanen ciki iri ɗaya yana maimaituwa a kowace. Kuma a jarrabawar WAEC ko NECO, idan tambaya ta nemi mabuɗi, ku ba ta mabuɗi, ba a jayayya da mai maki. Ku dai ware masa wuri a wajen filin zanen, a ƙasa ko a gefe, tun kafin ku ja layin farko, ku kuma jera sunayen yadda abubuwan suke a zanen, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa.

Idan kuma layukan sun kai bakwai ko takwas, kamar a ce duk manyan garuruwan Arewa maso Yamma aka ce ku kwatanta, to ba suna a jiki ba akwati, babu mai cetonku, domin daminarsu kusan lokaci ɗaya take kuma layukan za su sarƙe kamar taliya. Nan sai a raba: kowane gari da ɗan giraf ɗinsa, a jera su a shafi ɗaya, sunan garin a saman kowane. Sharaɗin kawai shi ne ma'aunin gefe ya zama iri ɗaya a dukkansu. Idan na Zariya ya kai 350, na Sakkwato ma ya kai 350, in ba haka ba tudun Sakkwato zai fito da tsayi daidai da namu.